Leda Biyu, Ɗauri Uku, da Wahalar Zana Iska

Wake yana shigowa gida da ɓarawonsa a jikinsa. Tun yana gona ƙwaron yake fara yin ƙwai a kansa, idan ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsa ta huda ƙwaya ta shige ciki, kuma a lokacin zafi mako 3 zuwa 4 ya ishe ta ta fito cikakken ƙwaro mai neman inda zai zuba nasa ƙwan. Shi ya sa buhun da aka ɗinke lafiya lau a watan Nuwamba ake buɗe shi a watan Maris a tarar da huji da gari. Manomi ya san haka sarai, don haka ko ya sayar da kaka lokacin da kasuwa ta cika ta batse, ko ya zuba magani. Maganin kuwa, irin su fiya-fiya, shi ne ya jawo Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015. Abin da Turai ta ƙi karɓa, shi ake dafawa a gidajen masu noma shi.

Hanya ta uku ita ce buhun nan mai ciki uku da aka fi sani da PICS. Asalinsa binciken da masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka yi da takwarorinsu na Marwa a arewacin Kamaru tun ƙarshen shekarun 1980, sai a 2007 aka fara yaɗa shi sosai a Afirka ta Yamma, har da Nijar da Najeriya. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhu saƙaƙƙe a waje. Babu magani ko ɗigo. Aikin koyar da wannan buhu ne ya faɗo a kan wata malamar gona da ke zagaya ƙauyukan wata ƙaramar hukuma a ƙasar Kano, da majigi da ƙaramin janareta da farin zane, kuma akasarin waɗanda za su zauna a gabanta ba su karanta boko.

Fallayen da aka ba ta daga ofis rubutu ne layi-layi, an yi su ne domin ma'aikata. Ta ajiye su ta soma nata da ƙa'ida guda: kowane falle aiki ɗaya, hoto ɗaya, kalmomi kada su wuce uku. Matakan da kansu ba su ba ta wahala ba, domin ana iya ɗaukar hotonsu da waya. A shanya wake ya bushe, a sheƙe shi. A duba kowace leda ko akwai huji, ta hanyar cika ta da iska a riƙe bakinta a danna. A zuba ɗan wake a leda ta farko don ta zauna, a zura ta cikin ta biyu, a zura su duka cikin buhun waje. A cika, a bar sarari kamar taƙi guda a sama. Sannan a matse iska, a murɗa bakin ledar ciki, a lanƙwasa, a ɗaure. A yi wa ta biyu haka ita kaɗai. A ƙare da buhun waje. A ɗora a kan katako nesa da bango.

Kafin ta haska wa taro, ta gwada hotunan a kan mutum biyar ko shida a zauren mai unguwa. Ba ta yi bayani ba. Tambayarta ɗaya ce: "Baba, me ka gani a nan?" Wannan tambaya ta fi duk wata dabarar zane amfani, domin wanda ya yi hoto ba ya iya ganinsa da idon wanda bai san amsar ba.

Abu na farko da gwajin ya tono shi ne alƙibla. A falle guda ta jera ɗauri ukun daga hagu zuwa dama. Wani dattijo, wanda karatunsa na allo ne, ya fara daga dama kamar yadda idonsa ya saba tun yana yaro, sai labarin ya juya masa: buhu ɗaurarre, ana kwance shi leda bayan leda. Ya ce, "Malama, ai wannan yadda ake buɗewa ne." Dattijon bai yi kuskure ba ko kaɗan. Kibiyar da aka sa tsakanin hotunan ma ba ta taimaka ba, domin ɗaukar kibiya a matsayin "sai na gaba" abu ne da ake koya a aji. Maganin da ta samu shi ne raba ɗaurin zuwa fallaye uku, ta yadda lokaci da kansa ke jera su, a takardar da za a raba kuwa ta jera su daga sama zuwa ƙasa, abin da mai allo da mai boko suka yi tarayya a kai. Ta kuma yi amfani da igiya mai launi daban a kowane ɗauri, domin ledar ciki da ta tsakiya kamarsu ɗaya a hoto, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a haɗa bakinsu a ɗaure tare.

Hoton ƙwaron ma sai da aka sake shi. Tsawonsa bai wuce milimita 3 ko 4 ba, amma a kan zane ya fito kamar ɗan akuya, wani ya ce su dai Allah bai jarrabe su da irin wannan ba. Da aka ɗauko shi a kan ƙwayar wake, ƙwayar kuma a tafin hannu, kowa ya gane tsohon abokin gabarsa, har da fararen ɗigon ƙwai da ke manne a jikin waken.

Babbar wahalar tana wani wuri dabam. Duk matakan nan ba su da ma'ana sai an fahimci dalilinsu, dalilin kuwa ba ya ganuwa. Iskar da ake shaƙa kusan kashi 21 cikin 100 nata ne ke raya mai numfashi. Idan aka rufe buhu ruf, ƙwari da tsutsotsin da ke ciki su ne ke shanye wannan kaso da numfashinsu, har ya yi ƙasa sosai, sai su daina ci, su daina haihuwa. Masu binciken sun kuma nuna wani abu mai ban sha'awa: ƙwaron da ke rayuwa cikin busasshiyar ƙwaya yana samun yawancin ruwan jikinsa ne daga sarrafa abincin da ya ci, sarrafawar kuma tana buƙatar wannan iska. Idan ta yanke, ƙishirwa ce ke ƙarasa shi. Manomin da ya riƙe wannan ba ya buƙatar a ce masa kada ya riƙa buɗewa yana ɗibar na miya, kuma zai gane cewa hujin da ɓera ya yi, kome ƙanƙantarsa, ya rushe aikin.

To, ta yaya ake zana iska? Zanen da aka saba yi shi ne a tsaga buhun a nuna cikinsa, da ɗige-ɗige masu raguwa. Mutanen zaure sun ga buhu yagagge da wake yana zuba, wato ainihin abin da ake gudu. Malamar ta bar zanen ta koma ga abin da kowa ya taɓa gani: fitilar aci-bal-bal tana ci, an kifa mata kwalba, harshen wutar ya rage, ya mutu. Fallaye uku, ba kalma ko ɗaya. Na huɗu kwalbar ce an ɗan ɗaga gefenta da tsakuwa, wuta tana ci abinta. Bayansa nan take sai hoton leda mai huji. Kwatancin bai cika daidai ba, tunda wuta tana mutuwa cikin daƙiƙoƙi, ƙwari kuwa sai an yi makonni, kuma bai ce kome game da ƙishirwa ba. Amma yana kai mutum ga aikin da ake so, kuma a wurin horo wannan ne ma'auni. Sauran ta bar wa bakinta.

Batun bushewa ya ɗauki fallaye biyu, kuma ya cancanci haka, domin buhun ba ya busar da kome. Hatsin da aka rufe da danshi zai lalace a ciki, shi ya sa ake so danshin ya sauko zuwa wajen kashi 13 cikin 100. Adadin ba ya zanuwa, kuma ba kowane ƙauye ne ke da na'urar awo ba. Abin da ke zanuwa shi ne gwajin gishiri: busasshiyar kwalba ta gilashi, a zuba hatsi kamar sulusinta, a ƙara cokali 2 ko 3 na gishirin da aka shanya ya bushe, a rufe a girgiza, a bar shi kamar minti 15, a sake girgizawa. Idan gishiri ya manne a jikin kwalbar, a koma shanya. Hoton kwalba biyu gefe da gefe ya wadatar, sai dai farin gishiri a kan gilashi ba ya fitowa a majigi, sai da ta ɗauki hoton a gaban baƙin zane. Gwajin ba na ƙwaƙƙwafi ba ne, yana kama danshi ne idan ya yi yawa, don haka take haɗa shi da cizon ƙwaya a ji ta fashe ƙwas, wanda matan gida suka fi kowa iyawa.

Jan gicciye na hani ta cire shi gaba ɗaya. Hoton buhu a ƙasa jingine da bango, da alamar hani a kusurwa, yana barin hoton a zuciya ne, alamar ta ɓace. A madadinsa ta nuna sakamako: buhu a ƙasa, ɓera, huji, gari. Kusa da shi buhu a kan katako, da wake tas a faranti.

Fallayen duka suka tsaya 16. Ana haska su bayan sallar isha'i, domin da rana majigi ba ya ganuwa a fili, matan da ba sa fitowa taron dare kuwa ana kai musu hotunan a buge a kan takarda mai kauri har cikin gida. Akwai kuma abin da hoto ya kasa ɗauka ko ta yaya aka ɗauke shi, wato ƙarfin ɗauri da yawan iskar da za a matse. Saboda haka washegari da safe ake shimfiɗa tabarma, a kawo wake kwano 40, a miƙa wa ɗaya daga cikin waɗanda suka kalla buhu, malamar ta kama bakinta. Inda hannunsa ya yi jinkiri, nan fallen ke da rauni, sai ta rubuta lambarsa. Buhun da aka ɗaure ana barin sa a gidan mai unguwa, tare da ƙaramin buhu na gama-gari da aka cika da wake iri ɗaya, a sa ranar buɗe su a gaban jama'a bayan wata 4 zuwa 6. Hoton faranti biyu da za a ɗauka a ranar, ɗaya daga kowane buhu, da shi take buɗe zaman ƙauye na gaba.