Mutum 630 da Muka Ɓatar a Roni

'Yan uwa marubuta, kwanakin baya mun kwafo alƙaluman ƙidayar 2006 domin wata maƙala a kan Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa. Huɗun nan kawai muke buƙata, amma muka kwashe duka ƙananan hukumomi 27 na Jigawa, saboda jimillar da aka buga a ƙasan jadawalin ta jiha ce gaba ɗaya.

Jadawalin sakamakon farko ya nuna 4,348,649. Da muka tara namu, sai muka samu 4,348,019. Mutum 630 sun ɓace.

Muka raba 630 da 9, ya ba da 70 cif. Giɓin da ya rabu da 9 yakan nuna an juya lambobi biyu. Muka bi layi-layi, sai ga shi a Roni: mun rubuta 77,189 maimakon 77,819. Saura kaɗan mu buga shi haka da sunanmu.

Sai dai gwajin yana da iyaka. Da mun sa adadin Babura a layin Gwiwa, na Gwiwa a layin Babura, jimilla ba za ta motsa ba. Shi ya sa yanzu, bayan tarawa, ɗayanmu yake karanta suna da adadi, ɗaya yana duba asali.