Turmi goma sha biyu, kwana shida a sitatus

Sitatus ɗin WhatsApp ba kasuwa ba ce da baƙo zai wuce ya leƙo. Wanda kika ajiye lambarsa, shi ma ya ajiye taki, shi kaɗai ke gani, kuma bayan awa 24 hoton ya ɓace. Ke nan fuskokin da suka kalli kayanki jiya su ne dai za su kalla yau. Ni mutanena ba su wuce 140 ba: 'yan hostal, 'yan ajinmu, sai ƙawayen Mama da suka saba saye a wajena. A kansu nake tsara sati guda duk lokacin da na sari kaya.

Sarin ƙarshe kafin jarrabawa, turmi 12 na atamfa na ɗauko a Kantin Kwari, kowanne yadi 6, a kan ₦9,000. Na sa ₦11,000. In duka suka fita ribar ₦24,000 ce, kafin a cire kuɗin mota da data. Turmi uku kacal in suka kwanta, ribar ta tafi har ta taɓa uwar kuɗi, kuma daga uwar kuɗin nan rajistar zango mai zuwa za ta fito.

Ranar Lahadi bidiyo ɗaya na ɗora, ina zazzage kayan a kan katifa, babu farashi. Mutum tara suka tambaya, na rubuta sunayensu. Litinin na fitar da kala huɗu kawai, kowacce da hotonta, yadi da kuɗi a rubuce a ƙasa. Dalilin huɗun yana cikin lissafin masu kallo da ke ƙarƙashin kowane hoto. Duba naki ki gani: in kin jera ashirin, na farko zai tara jama'a, na ƙarshe kuwa sai 'yan tsiraru. Wadda ta gaji da dannawa kuma tana iya toshe sitatus ɗinki gaba ɗaya, ba kuma za a sanar da ke ba.

Hoton ma da lokacinsa. Da hantsi nake ɗauka a inuwar baranda, don fitilar ɗaki tana mayar da ruwan toka kamar shuɗi, mai saye ta zo ta ce ba wannan ta gani ba. Ina haɗawa da hoton bakin zanen inda tambarin kamfani yake, saboda ƙawayen Mama shi suke fara nema.

Turmi uku suka fita ranar. Talata na ɗora sababbi huɗu, na kuma maido da hotunan ukun jiya da rubutun "an ɗauka". Wannan rubutun ya fi duk wani kirari da zan yi wa kaya aiki, domin wadda ta tsaya shawara jiya ta ga abin da jinkiri ya jawo mata.

A nan ne "a ajiye min" ke shigowa. Wata 'yar ajinmu ta turo: "Hajiya, koren nan nawa ne, wallahi ƙarshen wata zan biya." Ba baƙuwa ba ce, gobe tare za mu zauna a lakca. Amma turmin da aka ajiye da baki ya fita daga sitatus alhali bai shiga aljihu ba. Ƙa'idata ita ce kafin alƙalami na ₦3,000, in ba haka ba ajiyar tana ƙarewa tare da hoton, washegari ya koma layi. Ta ɗan yi fushi, da yamma ta turo.

Laraba ban tallata komai ba. Wata da ta saya a sarin baya ta turo hoton ɗinkinta, na nemi izininta, na yanke fuskar na ɗora. Alhamis huɗun ƙarshe suka fito, zuwa dare saura turmi uku a jaka.

Juma'a ce mai wuya. Zuciya tana cewa ki rubuta ₦10,000 su tafi, amma wadda ta biya ₦11,000 ranar Litinin tana cikin masu kallo, kuma ba za ta manta ba. Sari na gaba kowa zai naɗe hannu ya jira Juma'a. Don haka farashin sitatus bai motsa ba. Na koma kan mutum taran nan na Lahadi, na bi waɗanda ba su saya ba ɗaya bayan ɗaya. Wata ƙawar Mama ta ce in za a rage mata za ta haɗa biyu, muka daidaita a ₦21,000 tsakaninmu.

Na ƙarshen, mai ruwan goro da manyan furanni, babu wadda ta ko tambaye shi. Yana ƙasan akwatina, zan sake fito da shi cikin sarin Sallah.