Shafin makarantarmu da wayar Kawu

Ni na haɗa shafin da makarantarmu take aika wa iyaye, kuma na yi alfahari da shi har ranar da Kawu ya kira ni daga wani ƙauye a wajen Tasawa. Muna dab da komawa aji a watan Oktoba, mun sa sanarwar rajistar sababbin ɗalibai a shafin, muka watsa adireshinsa a rukunan WhatsApp. Kawu yana son ya kawo jikarsa. Ya ce, "Ɗana, na taɓa abin nan da kuka turo, fari fat nake gani, ga megata sai tafiya suke yi." Na ce ya yi haƙuri, rezo ne. Bayan kwana biyu ya biya kuɗin mota ya zo Maraɗi da yarinyar, babu takardar haihuwarta, domin a shafin ne muka rubuta a zo da ita. Sai da ya koma ya sake dawowa.

Rezon ƙauyensu ba shi da ƙarfi, wannan gaskiya ne. Amma da wannan rezon yake sauraron saƙon murya kullum. Da na zauna na duba, sai na ga laifina ya fi na rezo yawa.

Abin da ya fara tarbar mai buɗe shafin hotuna huɗu ne masu juyawa ɗaya bayan ɗaya: ƙofar makaranta, ɗalibai a layi, darakta a ofis, da ranar raba kyaututtuka. Yadda wayata ta ɗauke su haka na ɗora su, kowanne wajen mega 3. Ga lissafin da ban yi ba a lokacin. Mega ɗaya kilo 1,000 ne, hotuna huɗu kuwa mega 12, wato kilo 12,000. Rezo mai rauni da ke sauko da kilo 50 a daƙiƙa zai buƙaci daƙiƙa 240, minti huɗu cur, in bai yanke a hanya ba. Sanarwar da Kawu yake nema, da ranaku da takardun da za a kawo, ba ta kai kalma 200 ba. In an rubuta ta da haruffa, nauyinta bai wuce kilo biyu ba. Ni kuwa takardar da darakta ya buga wa hatimi na ɗauka a hoto, na sa ta can ƙasa, ita ma da nata megan.

Abin da ya rufe mini ido shi ne a wayata shafin nan take yake buɗewa. Waya tana ajiye hoton da ta taɓa saukewa, ba ta sake nemo shi a buɗewa ta biyu. Ni na buɗe shi sau hamsin, a cikin gari, kusa da eriya. Uba kuwa sau ɗaya zai taɓa, kuma wannan taɓawa ta farko ita ce mai nauyi duka.

Gyaran hoto ya fi komai sauƙi, har na ji kunya. Hoton da waya take ɗauka faɗinsa yakan kai ɗigo 4,000, alhali faɗin shafi a yawancin ƙananan wayoyin Android wajen 360 ne a ma'aunin shafi. Mutum yana biyan mega don ɗigon da idonsa ba zai gani ba. Na buɗe squoosh.app, na mayar da faɗin hoton ƙofar makaranta 800, na rage ingancinsa zuwa 65, ya dawo kilo 70. Na ajiye su gefe da gefe a waya, ban iya bambanta su ba. Wanda wannan ya yi wa wuya ma yana da dabara a hannu: ya tura wa kansa hoton a WhatsApp ya sake saukewa, domin WhatsApp yana matse hoto kafin ya aika. Shi ya sa hotunan suna da na biki suke isa ƙauye, nawa suka kasa. Sauran ukun na cire su. Darakta ya tambayi ina nasa, na nuna masa lissafin minti huɗu, ya yi shiru, sannan ya ce a bar ƙofar.

Abin da ya fi cin lokacina shi ne tsarin shafin, me zai zo sama, me zai koma ƙasa. Na tambayi kaina, uban da ke tsaye a bakin kasuwa yana ɗaga waya sama don rezo, me ya zo nema? Ranar rajista, kuɗi nawa, wace takarda, wa zai kira. Waɗannan huɗu na sa a allon farko, da haruffa manya, layi ɗaya bisa ɗaya, ba sai ya ja shafi gefe ko ya buɗa shi da yatsu biyu ba. Rubutu shi ke fara sauka, saboda haka ko rezo ya yanke bayan daƙiƙa uku, ya riga ya karanta. Lambar ofis na mayar da ita maɓalli mai faɗi da za a taɓa kira ya tafi, don babban yatsan manomi ba ya samun ƙaramin rubutu. Tarihin makaranta da jawabin maraba, waɗanda na fi wahala a kansu, suka koma ƙarshe. Na kuma cire wani salon haruffa mai ado da na ɗauko, wanda sai an sauke shi shi ma, kuma ba shi da ƙ da ɗ da ƴ, sai su fito daban a tsakiyar kalma kamar baƙi. Haruffan da ke cikin wayar sun wadatar.

Akwai wata matsala da ban san da ita ba sai da na ari wayar mai gadinmu. Ina shirin taɓa lambar ofis ta biyu da ke ƙasan hoto, sai hoton ya sauko, ya ture komai ƙasa, yatsana ya faɗa wani wuri. Dalili shi ne ban faɗa wa shafin girman hoton ba, don haka bai tanadar masa fili ba sai da ya iso. Ga yadda layin ya koma:

```html
<img src="makaranta.jpg" width="800" height="450"
     style="max-width:100%;height:auto"
     loading="lazy" alt="Ƙofar makaranta">
```

`width` da `height` suna kama wa hoton wurinsa tun kafin ya zo, shafi ya daina tsalle. `loading="lazy"` yana hana a sauke shi sai mai karatu ya kusa kai wa gare shi, shi ya sa ya dace da hoton da ke ƙasa kawai. `alt` kuma shi ne rubutun da zai bayyana in hoton ya ƙi zuwa.

Yanzu kafin in aika da kowane adireshi, ina buɗe shafin a Chrome na kwamfutar ofis, in danna F12, in shiga `Network`, in sa alama a `Disable cache`, in zaɓi saurin 3G, in sake buɗewa. A ƙasa yana nuna jimillar nauyin da aka sauke da lokacin da ya ci. Namu ya tashi daga mega 14 zuwa kilo ɗari da 'yan kai. Sai dai wannan gwaji rezo kaɗai yake kwaikwaya, kwamfutar tana nan da ƙarfinta. Tsohuwar waya da ta cika da hotuna da bidiyo tana da nata jinkirin, don haka har yanzu wayar mai gadi ce gwajina na ƙarshe, a bayan azuzuwa inda sanda ɗaya take nunawa.

Da lokacin sanarwar taron iyaye ya zo, na kira Kawu na ce ya taɓa ina kan layi da wayar maƙwabcinsa. Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Asabar, ƙarfe tara. To hoton fa?" Na ce ya ja ƙasa. Ya ce ba ya buƙata, ya san ƙofar, ya zo ta sau biyu.