Tambayar Da Ta Zo Sau Uku

Mu masu sayar da wayar hannu a Tip Toe Lane, nan Circle, yanzu rabin cinikinmu a Jiji da WhatsApp yake farawa. Mai saye yana Madina ko Ashaiman, hoto da layi biyu na bayani kawai yake gani. Abin da bayanin bai faɗa ba sai ya tambaya. Idan muna fama da wani a gaban tebur har amsa ta yi jinkiri, sai ya wuce wurin maƙwabci.

Saboda haka muka kafa wa kanmu doka: duk tambayar da mutum uku suka yi a kan kaya ɗaya, amsarta ta shiga cikin tallan. Muna rubuta tambayoyin a bayan littafin bashi, ranar Juma'a bayan masallaci mu ƙirga.

Ga misali da wata iPhone 11 ta hannu. Tallan farko ya faɗi suna, launi da kuɗi. Cikin mako guda mutum 9 suka tambayi batir, 6 suka tambayi ko an canja gilashi, 4 suka tambayi iCloud. To, a wannan jerin muka sake rubutu.

Ba mu ce "batir mai kyau" ba, domin kowa haka yake cewa. Mun buɗe Battery Health, muka rubuta kashi 84 da ya nuna, muka sa hotonsa. Mai saye ya san in ya faɗo ƙasa da 80 lokacin canji ya yi, sai ya yi lissafinsa tun daga gida. Gilashi kuwa an canja, kuma haka muka rubuta a fili. Wanda ya biya kuɗin mota ya sha cunkoso daga Madina, ya zo ya gano da kansa, ba zai saya ba, kuma labarin sai ya riga mu isa Nima. A kan iCloud muka ce an cire na mai ita na farko, mai saye zai sa nasa a gabanmu kafin ya biya.

Mako na biyu shi ne alƙali. Idan tambaya ta ɗauke, gyara ya yi. Idan ta dawo, ko amsar ta nutse can ƙasa, ko kalmar ba ta fito sarai ba.

Amma fa akwai wadda ba ta mutuwa: "Nawa ne na ƙarshe?" Ko mun rubuta ba ragi, sai an yi ta, don ita buɗe ciniki ce. Wannan sai baki da baki, ɗan'uwa, da haƙuri. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.