Gaisuwar Baban Gwoza

Ba mu san sunansa ba sai da ya kusa shekara a layinmu. Baban Gwoza muke ce masa, don yana cikin mutanen da suka sauka Malkohi bayan Boko Haram ta kama Gwoza a watan Agustan 2014. Wasu sun shiga sansani, wasu jama'ar gari suka ba su masauki. Shi wani ɗaki ya samu a bayan gidanmu, shi kaɗai, da tabarma da buta.

Kullum bayan sallar asuba sai ya bi ta ƙofar gidanmu, inda mahaifinmu yake zama da tasbaha. Ya ce, “Malam, ina kwana?” Kafin a gama cewa lafiya lau har ya yi gaba. Mu yara muka ɗauka girman kai ne. Ai kowa ya san gaisuwar dattawa ba ta tsayawa a nan: daga kwana sai gajiya, daga gajiya sai gida, sai iyali, sai yara. Mahaifinmu kuwa mutum ne mai jan gaisuwa, ko bakin kasuwa ka haɗu da shi sai ƙafarka ta gaji.

Wata rana ya tare shi da sauri, ya ce, “Baba, yaya iyali?” Tsohon ya tsaya, ya dubi ƙasa, ya ce, “Sai godiya.” Kwana uku bai sake bi ta ƙofarmu ba, ya riƙa zagayawa ta bayan masallaci. A nan mahaifinmu ya gane abin da mutumin yake gudu. Da ya dawo, sai aka sauya masa gaisuwar. An bar kwana da gajiya, an cire iyali, an sa sanyi ko zafi ko ruwa. “Yaya sanyi?” “Lokacinsa ne.” Haka suka yi wata da watanni, ba ƙari.

Sai ga ranar 11 ga Satumban 2015, bam ya tashi a cikin sansanin Malkohi, mutane suka mutu. Ba za mu ɓoye ba, unguwa ta canza wa baƙi fuska. Wanda jiya ake kai masa tuwo, yau ana leƙen abin da ke cikin buhunsa. Har a gidanmu an yi maganar, wai mutumin da ba ya hira da kowa wa ya san cikinsa. Washegari da ya ce ina kwana, mahaifinmu ya matsa gefen tabarma ya ce, “Zauna, Baba, ga kunu.” A bainar jama'a ya yi haka, kuma da gangan. Tsohon ya zauna a bakin tabarmar kamar mai shirin tashi, ya sha, ya yi godiya, ya tafi.

Gona ce ta buɗe bakinsa. Da damina ta gaba mahaifinmu ya yi ƙorafin ruwa yana kwashe masa ƙasa a gangaren gonarsa. Baba ya ce a kai shi ya gani. Can ya sa muka jera duwatsu a gicciye, manya a ƙasa, ƙanana a cusa a tsakani, ba tare da laka ba, don ruwa ya tsiyaye ƙasa ta tsaya. Ya ce idan layin ya karkata ruwan zai taru wuri ɗaya ya fasa, sai a lura da inda yashi ya kwanta bayan ruwan farko a gyara. A kan dutsen Gwoza, in ji shi, haka kakanninsu suka noma dawa. Ranar muka fara jin dariyarsa, da ƙaramin cikinmu ya jefa wa kansa dutse a ƙafa.

Daga baya ne, ba wanda ya tambaye shi, ya ba mahaifinmu labarin matarsa da 'ya'yansa biyu. Mu ba a gaya mana komai ba, illa dai an ce kada wanda ya ƙara cewa yana da girman kai.

Bara da hunturu, asuba ta yi, bai zo ba. Mahaifinmu bai jira rana ta fito ba, ya aike mu. Muka tarar da shi kwance, jikinsa zafi rau, ko butar ba ya iya ɗagawa. Keke Napep muka samo muka kai shi asibiti a Yola, aka ce da ya ƙara kwana da abin ya yi muni. Da aka tambayi wane ne nasa, mahaifinmu ya ce yayansa ne.

Yanzu ya warware, sai dai da sanda yake tafiya. Gaisuwarsu takan kai har rana ta ɗaga, kunu ya huce. Shi ne ma yake fara cewa, “Malam, yaya iyalin namu?” sannan ya bi mu ɗaya bayan ɗaya da suna, har da jikan da aka haifa da azumi.