WASIƘARMU ZUWA ASIBITIN TAMANRASSET

Ɗan ci-rani idan ya kwanta ciwo a ƙasar mutane, to jinyarsa ta kasu biyu: rabi yana jikinsa, rabi yana cikin fayil ɗin asibitin da ya kwanta. Idan ya dawo gida da jikin kaɗai, likitan nan sai ya koma lalube.

Haka ta faru da ƙanen maigidana, wanda ya yi shekaru yana aikin gini a Tamanrasset, kudancin Aljeriya. A 2023 ciwon suga ya kwantar da shi, har aka yanke masa ɗan yatsan ƙafa. Da ya ji sauƙi ya biyo ta Assamaka da Arlit da Agadez ya dawo Kano, takardunsa kuwa sun salwanta a hanya. Likita ya tambaye shi wace irin allurar insulin ake yi masa, kuma awo nawa. Ya ce shi dai ya san safe da dare ake yi. Likita ya ce, "Hajiya, ku nemo mini bayanan can, kuma da Turanci."

Likitocin Aljeriya da Faransanci suka fi rubuta bayanan marar lafiya, don haka da Faransanci wasiƙar ta tafi. Ni na tsara ta da Hausa, wani malami ɗan Maraɗi ya juya mana. Abu uku muka tsaya a kansu.

Na farko, yadda ma'aikaci zai gano fayil ɗin. Mai karatu, sunan da ka san ɗan'uwanka da shi ba lallai ne shi ne a na'urarsu ba. A rubutun Faransanci Usman yakan koma Ousmane, Musa ya koma Moussa. Sai muka jera duk yadda za a iya rubuta sunansa, muka sa watan da aka kwantar da shi, da sashen tiyata, da aikin da aka yi masa.

Na biyu, izini. Sirrin marar lafiya amana ne a hannun likita, ba ya buɗe shi don wata ta ce ita matar yayansa ce. Saboda haka da bakin shi mai jinyar aka rubuta wasiƙar, ya sa hannu, aka haɗa da kwafin katin shaidarsa. A ciki ya wakilta wani abokin aikinsa da ke can ya karɓa hannu da hannu, domin wasiƙar da ba mai binta da ƙafa takan kwana a tebur.

Na uku, abin da ake roƙo. Ba mu ce a aiko mana da komai ba, kowa ya san mai neman komai yakan tashi a tutar babu. Mun nemi taƙaitaccen bayanin sallama, da rahoton tiyata, da sakamakon gwajin jini, da sunan insulin ɗin tare da awonsa. Muka rufe da cewa idan asibiti ba ya fassara, a ba wakilinmu na asali. Hakan kuwa aka yi, sai ya kai wa tafinta mai lasisin hukuma ya juya zuwa Turanci ya buga hatimi.

Abin da nake so a riƙe shi ne, kada a yarda a karɓi fassara ita kaɗai. A takardar asali an rubuta sugansa na ranar da aka kwantar da shi kamar haka: 2,50 g/l. Waƙafin nan a lissafin Faransanci shi ne ɗigonmu, ma'aunin kuma giram ne a kowace lita. Ɗakunan gwaji da yawa a nan da mmol/l suke aiki, inda duk abin da ya gaza 4 alamar suga ya faɗi ne. Da wani ɗan makaranta ya fassara mana a gida ya rubuta 2.5 ya bar ma'aunin, da an ɗauka sugansa faɗuwa ya yi, wataƙila har a rage masa allura. Alhali idan ka ninka da 100 ya zama 250 mg/dl, ka raba da 18 ya ba ka kusan 13.9 mmol/l, wato suga ya yi sama ƙwarai.

Likitanmu ya ajiye takardun biyu gefe da gefe, yana duba kalma a fassara, yana tabbatar da lamba a asali. Bayan ya sake gwada jininsa, ya daidaita masa allurar.

Duk mai ɗan'uwa a ci-rani ya gaya masa tun yau: ranar sallama ya ɗauki hoton kowace takarda da wayarsa, har da kwalin magani da lambar fayil, ya turo gida kafin ya kama hanya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.