A Bar wa Mai Saurare Wurin Cewa Na'am

Duk wanda ya taɓa zama gaban dattijo yana ba shi saƙo ya san yadda abin yake tafiya. Dattijon zai faɗi magana guda ya tsaya, kai kuma ka ce "na'am" ko "to", sannan ya ci gaba. Wannan na'am ɗin ladabi ne, amma kuma shaida ce cewa maganar farko ta shiga, ana iya ɗora ta biyu a kanta. A aikina na gabatar da shirye-shirye a rediyo babu mai ce mini na'am. Ni kaɗai ne a ɗaki da makirfo. Duk da haka mai saurare, ko a Maraɗi yake ko a wani ƙauye bayan Damagaram, yana bukatar lokacin da zai faɗe ta a zuciyarsa. Tsayawar da nake yi da gangan a tsakiyar magana, wurin na'am ɗinsa ne nake bar masa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai karanta littafi idan layi ya shige masa duhu sai ya koma baya. Kunne kuwa ba ya komawa baya. Jimla na ƙarewa mai saurare ke fara juya ta, ya gane abin da ake nufi, ya aje ta. Idan wata jimlar ta faɗo a daidai lokacin, dole ya saki ɗaya, kuma galibi ta farkon yake saki. Ga shi mai jin rediyo da wuya ka same shi zaune ya tattara hankali. Wata tana daka, wani yana tuƙa babur, wani yana ba da canji.

Bari in ɗauki sanarwar da ta fi koya mini darajar wannan abu, wato ta haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaro mai zawo, a inda ba a samu ƙunshin da ake bayarwa a likita ba. Awon sananne ne: lita 1 ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Yanzu karanta wannan da ƙarfi, da numfashi guda: "sukari cokali shida gishiri rabin cokali." Kalmar "shida" ta manne da "gishiri". Uwar da ta juyo da hankalinta a tsakiyar jimlar, abin da za ta kama shi ne "cokali shida gishiri". Ba a faɗi kalma ko guda ba daidai ba, amma saƙon ya juye, kuma gishiri mai yawa haka yana iya yi wa yaron da ya riga ya galabaita mummunar illa.

Ga yadda nake shirya ta. A takardata ina ja sanda guda inda zan ɗan sarara, kamar rabin daƙiƙa, sanda biyu kuma inda zan tsaya daƙiƙa 2 cur. Sai in ce: "Ruwa mai tsabta, lita guda." In tsaya daƙiƙa 2. "Sukari," in ɗan sarara, "ƙaramin cokali shida." In tsaya daƙiƙa 2. "Gishiri kuwa," in ɗan sarara, "rabin cokali kawai." Nan sai in yi tsayawa mafi tsawo, kusan daƙiƙa 3, kafin in ƙara da cewa a kai yaron likita. Gajeren shirun da ke bayan sunan abu yana sa kunne ya jira adadin. Dogon da ke bayan adadin shi ke ɗaure shi da sunansa, ya raba shi da na gaba. Aikinsu daban ne, shi ya sa tsawonsu ma daban.

Sai dai shiru yana cin lokaci, lokaci kuma a rediyo a ƙidaye yake. Ni idan ina karatu a natse ina yin kalma kusan 140 a minti guda, ke nan sanarwar daƙiƙa 30 tana ɗaukar kalma 70 idan ba a tsaya ba. Idan na tara tsaye-tsayen da nake bukata sukan kai daƙiƙa 8. Saura 22 ke nan, wadda ba za ta ɗauki fiye da kalma 50 da ɗoriya ba. Don haka kalma wajen 20 sai sun fita. A nan ne ake yawan yin aikin a baibai. Mai haɗa sauti zai buɗe muryar a Audacity, ya ga wuraren da layin ya kwanta, ya yanke su duka don sanarwar ta shiga lokacinta. Kalmomi sun tsira, fahimta ta tafi. Abin da ya kamata a yanke shi ne doguwar gaisuwa da "kamar yadda kowa ya sani" da makamantansu.

Tsayawa tana da iyaka. A zauren taro ko wurin ɗaurin aure mai magana yana iya yin shiru na daƙiƙa 5, domin ana ganin fuskarsa, an san bai gama ba. A rediyo da zarar shiru ya wuce daƙiƙa 3 zuwa 4, mai saurare zai fara tunanin an ɗauke wuta a tashar ko batir ya mutu, hannunsa ya nufi maɓalli. Hankalin da kake son ya zauna a kan maganarka ya koma kan akwatin. Abin da ke hana haka shi ne muryar da ka shiga shirun da ita. Idan ka bar ta a sama, an san akwai saura. Idan ka sauke ta ƙasa, ka rufe zance, kada ka daɗe.

Haka kuma ba kowace jimla ce ta cancanci a tsaya mata ba. Wanda ke tsayawa bayan kowace kalma uku yana gajiyar da mutane, kuma idan muhimmiyar maganar ta zo ba ta da abin da zai bambanta ta. A magana ta minti guda ina zaɓen wuri biyu ko uku ne kawai na dogon shiru: adadi, ko rana da wuri, ko suna. A sanarwar rasuwa, alal misali, bayan sunan mamaci nake tsayawa, domin wanda ya san shi zai yi salati tukuna. Idan na wuce kai tsaye zuwa lokacin jana'iza, ba zai ji shi ba.

Yaya ake gane an yi daidai? Ina da hanya biyu. Ta farko, ina sauraren abin da na naɗa ina ƙirga "wato" da "to" da "a gaskiya". Duk inda suka taru, wuri ne da ya kamata a yi shiru amma baki ya ji tsoronsa ya cike shi. Ta biyu, ina kunna sanarwar sau guda ga wanda bai ga takardar ba, mai gadi ko mai sayar da shayi a bakin tasha, in ce ya maimaita mini awon. Idan ya ce sukari shida, gishiri rabi, ba tare da inda-inda ba, tana iya fita. Idan ya tambaye ni wanne ne shidan, ba na ƙara kalma. Daƙiƙa guda nake ƙarawa tsakanin sukari da gishiri, in sake gwadawa.